Kafin Ka Canza Batir, Ka Bari Wayar Ta Kwana

A shagona da ke kasuwar waya ta Fam Santa, da wuya a wuni ba a zo mini da wannan ƙorafin ba: “Malam, na kwanta da cajina, na tashi babu.” Kuma kusan kowa ya riga ya yanke hukunci tun daga gida, batir yake so a canza masa. Canjin batir aikin minti ashirin ne kuma akwai riba a ciki, to amma na sha ganin wanda aka canza wa ya dawo bayan kwana biyu ransa a ɓace, shi ya sa yanzu ba na taɓa bayan waya sai na san abin da take yi da daddare.

Wani Alhaji ɗan kasuwar Kantin Kwari ya zo mini da tasa a bara, lokacin zafi. An riga an sa masa sabon batir a wani shago, bai ga canji ba. Na tambaye shi nawa yake kwanciya da shi. Ya ce shi dai ya san da yawa. Na ce, “Alhaji, da yawa ba lissafi ba ne. Yau in za ka kwanta ka duba lambar ka rubuta, in ka tashi Asuba ka sake rubutawa, kada kuma ka sa ta a caji.” Ya yi dariya ya ce ai ko ya so sawa, unguwarsu ba sa samun wuta da dare.

Washegari ya kawo mini takarda: ƙarfe sha ɗaya na dare 82, ƙarfe biyar na asuba 51. Kashi 31 ke nan cikin awa shida, wayar tana ajiye a gefen gado. Batirinsa mai 5000 mAh ne, wato kowane kashi ɗaya 50 ne, ya zama an sha kusan 1550 a dare ɗaya, wajen 260 a kowace awa. Wayar da ta yi barci da gaske, abin da na saba gani shi ne ta rasa kashi biyu zuwa biyar kafin gari ya waye. Tasa ba barci take yi ba, allonta ne kawai a kashe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kashe allo daban, barcin waya daban. Tun daga Android 6.0 da ya fito a 2015 akwai tsarin da ake kira Doze. Idan allo a kashe yake, ba a caji, kuma wayar ta jima a wuri ɗaya ba ta motsa ba, sai tsarin ya hana manhajoji aiki da shiga intanet, ya riƙa buɗe musu ƙofa na ɗan lokaci jefi-jefi su karɓi saƙo su koma. Kamar mai gadin kasuwa ne da ya rufe ƙofa bayan Isha’i. Matsalar ita ce akwai masu izinin kwana a ciki. Manhaja na iya riƙe ƙwaƙwalwar waya ta hana ta hutawa, kuma idan mai wayar ya taɓa danna Allow a lokacin da ta roƙi a cire ta daga wannan takunkumin, mai gadin ba zai tanka mata ba.

Amma kafin a zargi manhaja, akwai wasu da ake fara wankewa. Na farko shi ne sabis. Waya mai layi biyu a ɗakin da ke can ƙuryar gida, inda sandar sabis ɗaya ce take leƙowa tana ɓacewa, za ta kwana tana ƙara ƙarfi don neman turken sadarwa, wannan kaɗai yana cin caji sosai. Don haka na ce wa Alhaji daren na biyu ya kunna Airplane mode kafin ya kwanta. Da a ce ya tashi ya tarar kashi uku kawai ya tafi, da mun san maganar sabis ce ko wata manhaja mai jan data, sai mu bi ta can. Ya dawo da kashi 24 a ɓace. An rufe layi, an rufe data, wayar ba ta fasa ci ba.

Saura biyu ke nan: ko wani abu ne a cikinta yake aiki, ko kuwa ciwon a jikin wayar yake. Batirin da ya tsufa yana da alamarsa, ba ya sauka a hankali, tsalle yake yi, ka gan shi a 40 ka juya ka gan shi a 15, ko wayar ta mutu alhali tana nuna saura. Zafin Kano na watan Afrilu ma ba ya raga wa batir, balle wanda ake bari a gaban mota. Idan kuma fanel ne, wato farantin da kayan wutar cikin waya suke kai, yake zubar da wuta, ko wayar a kashe take za ta sha caji, kuma da na cire batir na jona ta da na’urar ba da wuta a kan tebur, zan ga tana ja tun ban danna makunni ba. Na ajiye wannan gwajin a gefe, tunda sai an buɗe waya, kuma akwai hanya mafi sauƙi.

Daren na uku muka sa ta a Safe mode. A yawancin wayoyi, za ka danne makunni har Power off ya fito a allo, sai ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe, wayar ta tambaye ka ko ta sake tashi a haka. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da duk manhajar da aka saka daga baya, ya bar waɗanda wayar ta zo da su. Wasu wayoyin sukan kunna Airplane mode da kansu a lokacin, sai ka kashe shi don layi ya dawo. Na gargaɗe shi cewa manhajarsa ta kiran sallah ba za ta tashe shi ba a wannan daren, ya ce masallaci yana jikin gidansa. Da safe kashi uku kacal ya ragu. Batir lafiya, fanel lafiya. Ɓarawon a cikin kayan da aka saka yake.

A nan ne yarona na shago ya yi sauri. Ya shiga Settings, ya shiga Battery, ya buɗe Battery usage, ya ga manhajar hira ce a sama, ya ce, “Oga, ga ta nan.” Na ce masa ba ita ba ce. Mutumin da ke wuni yana tura hoton atamfa da shadda ga abokan ciniki, dole manhajar hira ta zama a sama, wannan cin rana ne, na halak. Jerin yana tara lissafi ne na tsawon sa’o’i masu yawa, a wasu wayoyin tun daga cikar caji na ƙarshe, saboda haka aikin rana yana binne na dare. Abin dubawa shi ne ka danna kowace manhaja ka kwatanta lokacin da ta yi a kan allo da wanda ta yi a ɓoye, wanda ake rubutawa Background. Idan wayar tana nuna zanen saukar caji awa-awa, ka danna tsakanin sha biyun dare da Asuba ka ga su wa suka yi aiki. Kuma lokacin dubawa shi ne da farkawa, kafin a jona caji, kafin a fara kira.

Akwai wani tarkon kuma. Sau da yawa za ka ga Google Play services ko Android System a sama, mutum ya ce su zai kashe. Waɗannan galibi ’yan aike ne. Idan wata manhaja tana ta tambayar inda wayar take, ko tana ta neman a daidaita mata bayanai, sukan yi mata aikin, lissafin ya hau kansu. Ka doki ɗan aike, wanda ya aiko shi yana zaune.

Muka fitar da wayar daga Safe mode, muka cika ta, ya sake kwana da ita, ya kawo mini da sassafe kafin ya wuce kasuwa. Can ƙasa a jerin akwai wata manhaja, irin waɗanda ke cewa suna share datti suna sanyaya waya. A kan allo minti biyu, a ɓoye fiye da awa shida. Alhaji ya ce bai san ta ba. Da ya yi tunani ya ce ɗansa ne ya tura masa wasu abubuwa daga wayarsa don ta daina nauyi. Har da wata ’yar sanarwa da ke maƙale a saman allo wadda ba ta gogewa, ya ɗauka haka wayar ta zo. Wannan maƙalalliyar sanarwar alama ce babba, da ita manhaja take nuna wa tsarin waya cewa tana kan aiki, kada a kwantar da ita.

Ni ba na son hukunci da zato, musamman ga mutumin da aka riga aka karɓi kuɗinsa sau ɗaya a banza. Na kunna USB debugging a Developer options, na jona wayar da kwamfuta, na kashe allonta, na rubuta:

```
adb shell dumpsys power
adb shell pm list packages -U
```

Na farkon yana fito da dogon rubutu, amma wurin da aka rubuta Wake Locks kawai nake nema. A nan na ga layi mai PARTIAL_WAKE_LOCK, da lambar uid a gefensa, wato lambar manhajar da ke hana wayar barci. Na biyun yana jero manhajoji da lambobinsu. Na haɗa lamba da suna, ita ce dai. Wannan gwajin yana nuna wanda ke riƙe da wayar a daidai lokacin ne kawai, don haka manhajar da ke tashi sai ƙarfe biyun dare ba za ka kama ta da shi da hantsi ba. Wanda ba shi da kwamfuta kuma bai rasa komai ba: ya cire manhajojin da ya saka kwanan nan, biyu ko uku kowane dare, yana rubuta lamba, har ranar da cin ya tsaya.

Da muka zo cire ta, maɓallin Uninstall ya ƙi dannuwa. Ta riga ta sa kanta a Device admin apps, sai da na nemo wurin a Settings na sauke ta daga muƙamin sannan ta fita. Na leƙa Accessibility ma, don irinsu sukan laɓe a can.

Ba kowace mai cin caji ake kora ba. Idan manhaja ce da mutum ke buƙata, sai a shiga bayananta a mayar da batirinta Restricted, ta yi aiki idan an buɗe ta kawai. Sai dai ban yarda a bi kowa da wannan ba. Na ga wanda ya takure duk manhajojinsa, ya dawo yana cewa saƙo ba ya shigowa sai ya buɗe, kiran sallar wayarsa kuma ya daina. Manhajar hira, ta ƙararrawa da ta lokutan sallah a bar su yadda suke.

Alhaji ya kira ni bayan kwana biyu, ya ce ya kwanta da 77 ya tashi da 74. Ya tambayi kuɗin aiki, na faɗa masa, ya ce, “Malam, ba ka canza komai ba fa.” Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe, kwana huɗu na yi ina binta.” Ya turo, har da na shayin yaron. Da yamma kuma ya aiko direbansa da tsohon batirin da aka cire masa a wancan shagon, wai in duba. Na gwada shi, lafiyarsa ƙalau.