Abin da yatsa ke gani

Ban daɗe da fara aiki a asibiti ba, wani dare ƙanwata ta turo mini hoton ƙwaurin ɗanta ta waya. "Yaya, duba mini wannan, ko cizon ƙwaro ne?" Na buɗe, na ga ɗan tabo baƙi-baƙi, shafe da fata, babu kumburi. Na ce ta wanke wurin, zai baje.

Bayan kwana biyu ta kawo shi yana ɗingishi. Ina ɗora bayan hannuna a wurin na san na yi kuskure. Fatar ta ɗau zafi rau, nesa ba kusa ba in aka gwada da ɗayar ƙafar. Gefen ya yi tauri, tsakiyar kuma na lotsawa ƙarƙashin yatsa, alamar mugunya ta taru. Ga kaluluwa a matsematsinsa, zafin jikinsa digiri 39. Ƙurji ne ya nuna, sai da aka tsaga aka fitar da mugunyar.

Da na koma kan hoton sai na gane inda ya yaudare ni. Ta haska fitilar waya kai tsaye, irin wannan hasken kuwa yana kashe inuwa, alhali inuwa ce ke nuna tudu a hoto. Kumburin sai ya kwanta. Babu kuma wani abu a gefe da zan auna girma da shi. Abin da na ɗauka kamar kan yatsa ne, ashe ya kai santimita 5.

Launi ya fi komai ba ni wahala. A baƙar fata, jan da kumburi ke kawowa ba ya fitowa ja sosai, duhu-duhu yake yi ko ruwan ƙasa. Sannan waya kan gyara launi da kanta gwargwadon hasken ɗaki, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa na iya rina farin idon mai lafiya har ka rantse shawara ce, ko ya ɓoye shawarar gaske.

Akwai kuma abin da sai an danna. Wasu jajayen ƙuraje, in ka latsa su da gefen kofin gilashi, launin ya kan gushe ya dawo. In bai gushe ba, jini ne ya fita ƙarƙashin fata; ga yaro mai zazzaɓi, wannan na iya zama alamar sanƙarau, asibiti za a nufa nan take. A hoto, su biyun kusan kamarsu ɗaya.

Har yanzu ana turo mini hotuna, ina kuma dubawa. Amma nakan ce a sake ɗauka da rana kusa da taga, a kashe fitila, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa, a ajiye rula a gefe. Sai in kira uwar in ce: "Taɓa wurin, sannan ki taɓa ɗayar ƙafar. Wanne ya fi zafi? Yana kuka in kin danna?"