Hijabin da na rina a kwamfuta

Yayata tana sayar da hijabai a gidanta da ke Ƙofar Ƙaura, ciniki kuma duk ta waya ne. Ana gab da ƙaramar Sallah aka kawo mata ɗinki ɗaya kala shida, hoto mai kyau kuwa guda ne tak, na shuɗi mai haske a jikin mutum-mutumi. Ta ce, "Kai da ka iya kwamfuta, ka rina mana sauran mana."

Na buɗe hoton a Photopea, manhajar gyaran hoto, na zagaye hijabin da Quick Selection, na ɗora Hue/Saturation a kansa. Ina jan Hue, shuɗi ya koma kore, ya koma ruwan hoda, ninkin yadin da inuwarsa suna nan daram. Kafin a kira la'asar na gama biyar, har da hura hanci.

Marun, wato ja mai duhu, shi ne ya ba ni ruwa. Duk inda na ja Hue, abin da ke fitowa ja ne mai haske kamar an wanke shi sau goma. Na ɗan rage Lightness, na ce ai ya yi. Wata Hajiya a Daura ta gani ta biya, aka ba direba ya kai mata. Da yamma sai ga kira: "'Yata, wannan ai ba shi na zaɓa ba, na hoton ya fi haske." Gaskiyarta. Yaya ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ni kuma na sha harara.

Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙar. Hue launi kawai yake juyawa, ba ya mayar da yadi mai haske mai duhu. Lightness kuma yana dusashe hoton gaba ɗaya, ninki ya ɓace, yadin ya zama kamar an shafa fenti. Fari da baƙi kuwa ba sa motsi ko ka ja Hue har ƙarshe, babu launin da za a juya a jikinsu.

Da na sake aikin, sai na shimfiɗa ainihin marun ɗin a inuwar zaure, inda aka ɗauki hoton farko, na ɗauke shi da wayar nan dai. Na tsinko launinsa da Eyedropper, na cika sabon shafi da shi a kan hijabin, na sa shi a Multiply domin ya zauna cikin ninkin. Amma kafin nan sai da na sauke Saturation na shuɗin zuwa -100, in ba haka ba shuɗi da ja su haɗu su ba da wata kala daban. Duhun kuma da Curves na daidaita shi.

Saura wani siririn shuɗi da ya maƙale a gefen wuyan mutum-mutumin, hasken yadin ne ya faɗa wurin. Sai da na zuƙo hoton sosai na gan shi, na bi da ƙaramin buroshi na goge. Sannan na tura wa Yaya, ta ɗora wayar a kan yadin, ta ce in ƙara duhu kaɗan.