Ranar da na daina fasa ƙanƙara

An ba ni aikin rubuta littafin jagora ga masu gudanar da bita, da Hausa, sai na ɗauko salon maganar nan na Turawa, "break the ice", wato abin da ake yi don mahalarta taro su saba da juna, na fassara shi kai tsaye, na sa wa babin farko suna "Fasa ƙanƙara". Ranar gwaji a Kano, cikin zafin Afrilu, muna mutum 24, na karanta kan babin da ƙarfi. Wani dattijo ya waiga bakin ƙofa ya ce, "Malam, ai gara a kawo ta tun ba ta narke ba." Aka kwashe da dariya.

Gaskiyarsa. Su masu maganar, kogi ne ke daskare musu da sanyi, sai an fasa kafin jirgin ruwa ya wuce. Mu kuwa ƙanƙara abin marmari ce, da kuɗi ake sayenta.

Da na koma gida na sake duba littafin, sai na ga ayyuka uku daban-daban na cusa ƙarƙashin suna ɗaya. Na safiyar farko, lokacin da kowa ke zaune a takure, na mai da shi "Kawar da baƙunta", na rubuta yadda ake yi dalla-dalla: a zauna bibbiyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya tambayi na kusa da shi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi, cikin minti 3, sannan ya gabatar da shi ga taro. Mutum 24 sukan ci kusan minti 20. Tambayar gari ita ce ta fi aiki, domin da Bafulatani ya gano Babarbare ne a gefensa, ko Bakano ya ci karo da Bazazzagi, tsokana ta tashi ke nan, mai gudanarwa sai kallo.

Na bayan azahar, sa'ad da shinkafa ta saukar wa mutane da kasala, na kira shi "Wartsakewa". Wanda ake yi kafin shiga magana mai nauyi, kamar rabon gado, shi ne "Sharar fage".

Sunaye biyu na jarraba na watsar. "Wasa" ya sa manya naɗe hannu, wata Hajiya ma ta ce min, "Ɗana, mun bar wa jikoki." "Sakin jiki" kuwa daidai yake a ma'ana, amma da na ce "ku saki jiki da juna" a ɗakin da ke da maza da matan aure, sai na ga ana sunkuyar da kai. Yanzu kowane kan babi sai na faɗe shi da baki a gaban mutum biyu ko uku kafin ya shiga littafi, ina kallon fuskokinsu.