Lambar 42 da ta dawo mini da takalmi

Bayanin farko da na rubuta wa takalman fatar da nake ɗinkawa ya yi daɗin karatu, ba ƙarya. Na cika shi da labarin jima da ƙamshin fata, sai can ƙasa na ce akwai lamba 40 zuwa 45. Ba a jima ba wani ya dawo mini da 42, ya ce dunduniyarsa na leƙowa ta baya. Na fara jin haushi, amma da na ɗora ƙafarsa a kan takarda na auna, sai na ga laifina ne. Tsakanin lamba da lamba a wannan lissafi bai kai milimita 7 ba, kuma 42 ɗin wani baduku ba lalle ya zama na wani ba.

Daga nan na daina dogara da lamba. Yanzu ina cewa mai saye ya tsaya, ba ya zauna ba, a kan farar takarda, dunduniya jingine da bango, ya yi alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ba kullum babban yatsa ba ne. Ya yi awon da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ya auna duka biyun. Har misali nake sawa: hagu santimita 26.4, dama 26.8, to 26.8 za ka bi, ka zaɓi layin da na rubuta “tsawon ƙafa 26.5 zuwa 27.0”.

Nan ma na sake tuntuɓe. Ban faɗi cewa awon na ƙafa ne, ba na tafin takalmi ba. Ni kuwa tuni na ƙara santimita ɗaya a tafin saboda layin ɗinki da ɗan sarari gaban yatsu. Wata mata ta ƙara nata santimita ɗayan don tsoron matsi, takalmin ya zo yana mata fal-fal. Jimla guda ta magance shi: “Kada ku ƙara komai, na riga na bar sarari.”

Labarin ɗinkin ban jefar da shi ba, na dai rage shi zuwa abin da ƙafa za ta shaida. Na faɗi cewa fatar saniya ce da aka jeme da ɓawon itace, shi ya sa launinta ke ƙara duhu in ta sha rana da hannu. Na faɗi cewa ina huda tafin da basilla, in ɗinke da zaren da na goga wa kakin zuma. Sannan na haɗa shi da awo: maɗaurin sama zai ɗan kama ƙafa a kwanakin farko, ya saki daga baya, amma tafi ba ya ƙara tsawo. Matsi a sama a yi haƙuri da shi. In dunduniya ta leƙo tun ranar farko, a canja kafin a taka ƙasa da shi.