Talata, bayan na dawo daga asibiti

Yau dai hankalina ya kwanta, Alhamdulillah. Sati biyu ke nan da na shafa nonona na dama wajen hammata na ji wasu gudaji gudaji kamar tsakuwa a cikin kunu, ga nauyi ga tsami, ko jakata ta goge ni sai na ce wash, wallahi daren nan ban runtsa ba. Da na je wancan karon likitar ta duba ni, ta tambayi ranar da nake sa ran al'ada, na ce saura kwana 4, sai ta ce in dawo bayan na yi wanka da 'yan kwanaki.

Yau kwana na 8 daga ranar da jinin ya fara. Ta sa na ɗaga hannu, ta bi duka biyun da tafin yatsunta har cikin hammata, babu komai, sun yi laushi kamar ba su ba.

Ta zana min a bayan kati. In watan mace kwana 28 ne, wajen kwana na 14 ƙwai ke fita, daga nan homon, wato sinadaran da jiki ke fitarwa, na furojestaron ya hau, ga na estrojin ma, su ne ke kumbura jijiyoyin nono su sa ya riƙe ruwa kamar ana shirin ciki. Jini na zuwa homon ya sauka, ciwon ya bi shi. Shi ya sa irin wannan yakan kama duka biyun, ya fi yawa ta sama wajen hammata, kuma wata wata yake dawowa. Ta ce in samu bireziya mai riƙe ni sosai, farasitamol in ya matsa, sannan in riƙa sa alama a kalanda wata 3 mu ga ko yana bin al'adar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ta ajiye biro ta ce, “Hajiya, ciwo shi kaɗai ba kasafai yake zama cutar kansa ba, kullin da ke ba mu tsoro sau da yawa ko zafi ba ya yi.” Kulli mai tauri a gefe ɗaya da al'ada ta zo ta wuce yana nan, fatar ta lotsa ko ta koma kamar ɓawon lemu, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ya fito da kansa, ko kaluluwa a hammata, wannan ba a jira wani wata, sikanin ake yi, in mace ta haura 40 a yi hoton nono da ake kira mamogiram.

Nan take Anti ta faɗo min, tun kafin azumi ta ce tana jin wani abu a na hagu amma tunda ba ya ciwo ta bar shi. Ina fitowa get na kira ta. Ta ce sai Abban su ya dawo, na ce Anti don Allah Alhamis ki shirya, ni zan zo da adaidaita ƙarfe takwas.