28 ga azumi, ranar rubuta sanarwar Sallah

Yau Talata, azumi na 28, kuma aikin da ya fi cin min lokaci a shago ba yankan yadi ba ne, ɗan rubutun barka da Sallah ne da za mu saka a WhatsApp da Facebook. Kawu ya ce min tun da safe kafin kasuwa ta cika, ɗana ka rubuta mana gaisuwar nan yau kar ka bari sai gobe, mutane sun fara bugo waya suna tambayar yaushe za mu rufe. Na ce to Kawu.

Gaisuwar ita ba wuya, kowa ya san abin da ake cewa. Wahalar tana wajen lokacin buɗewa da rufewa, don har yanzu ba wanda ya san ranar Sallah. Gobe Laraba 29, da daddare za a duba wata, in an gani kuma Sarkin Musulmi ya sanar to Alhamis Sallah, in ba a gani ba mu cika talatin Sallah ta koma Juma'a. Shi ya sa da yaron shagonmu ya ce kawai a rubuta "mun rufe Alhamis da Juma'a, mu buɗe Asabar" na ce masa a'a. In wata bai fito ba Alhamis ɗin nan ita ce jajibere, ranar da ta fi kowace ciniki a nan kasuwar Kantin Kwari ta Kano, ka ga mun kori kwastoma da hannunmu kenan alhali muna zaune a shago. Sannan Asabar ɗin da muka ce za mu buɗe ta zama kashegarin Sallah, ba mai zuwa cikinmu. Bara wani maƙwabcinmu haka ya rubuta da sunan rana, wata baiwar Allah ta taso tun daga Wudil da ɗan goyonta ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ni na ba ta kujera ta huta, wallahi har yau abin yana raina.

Don haka na ɗaure komai a jikin ranar Sallah ita kanta. Ranar Sallah a rufe, kashegari a rufe, rana ta uku mu buɗe. Ko wace rana ta faɗo maganar ba ta canzawa. Wannan ya yi wa mutanenmu na Maraɗi da Damagaram daidai ma, don wani lokacin sukan riga mu Sallah da kwana ɗaya, sai na ƙara da cewa Sallar Najeriya muke nufi, bisa sanarwar Sarkin Musulmi. Kawu ya ce kar in ambaci hutun gwamnati sam, nasu na ma'aikata da bankuna ne, mu ba da shi muke tafiya ba.

Mun ɗan ja da shi a kan rana ta uku. Shi yana so a buɗe tun tara, ni na ce Kawu a shekarar da ake hawa ranar ce Hawan Nasarawa, da safe hanyoyi a cushe suke da dawakai da 'yan kallo, yaran shago kuma daga cikin gari suke fitowa, gara mu ce bayan azahar mu cika alkawari. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce to rubuta ƙarfe biyu. Na sa duka biyun, azahar da ƙarfe biyu, don iyayenmu mata da yawa da lokacin salla suke lissafi.

Abu na biyu da na dage a saka shi ne maganar aika kaya. Rabin masu saye a wajenmu yanzu ba sa zuwa, hoto suke gani su tura kuɗi mu kai tasha a ba direba. To a kwanakin nan motoci mutane suke ɗauka, kowa zai tafi gida, direba ba ya son ƙunshin da zai tsaya neman mai shi, wanda ya yarda kuma sai ya ninka kuɗi. Kayan da aka ba mota ranar jajibere yana iya kwana biyu a tasha. Na ce gobe da azahar mota ta ƙarshe, duk wanda kuɗinsa ya shigo bayan nan mu ajiye masa kayansa da sunansa a jiki sai bayan Sallah. Kuma alat ɗin da ya shigo wayarmu muke dubawa ba hoton rasit ba, don netwok ɗin banki a irin wannan lokaci sai a hankali.

Wajen la'asar wani saurayi ya shigo yana son farar shadda yadi goma, wai babbar riga da 'yar ciki da wando zai sa ranar idi. Kawu ya dube shi ya ce samari kana da tela a hannu? Ya ce zai nema. Kawu ya ce teloli tun tsakiyar azumi suka daina karɓar ɗinki, ballantana babbar riga mai aiki, in na yanka maka kuma ba ta dawowa, in dai don jibi ne ka riƙe kuɗinka. Yaron ya tsaya jim, ƙarshe ya sayi yadi biyar na kaftani da wando ya ce ƙaninsa yana ɗan taɓa ɗinki. Wannan ya tuna min in saka layin yankakken yadi. Atamfa turmi ne yadi shida, leshi yadi biyar a ledarsa, in ba a taɓa su ba kala ce ba ta yi ba muna canzawa bayan Sallah, galibi ma kyauta ake saya wa iyaye da surukai a kwanakin ƙarshen nan, da mayafai. Amma abin da almakashi ya shiga ya shiga.

Ga abin da na rubuta bayan an sha ruwa, na karanta wa Kawu ya sa na cire "shagonku mai farin jini" ya ce gaisuwa ake ba talla ba:

"Assalamu alaikum. Muna yi wa iyayenmu da 'yan'uwa abokan cinikinmu barka da shan ruwa da barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan magabatanmu, ya maimaita mana. Wanda muka saɓa wa a wajen ciniki ya yafe mana. Muna buɗe har ranar jajibere, tara na safe zuwa biyar da rabi na yamma. Ranar Sallah da kashegari a rufe muke. Rana ta uku za mu buɗe bayan azahar, ƙarfe biyu, in sha Allah. Muna bin sanarwar Sarkin Musulmi. Aika kaya tasha: gobe Laraba da azahar ne ƙarshe. Yankakken yadi ba a dawowa da shi."

Layin neman yafiyar nan Kawu ne ya ce a sa, kuma shi na fi so a ciki, don a cunkoson goman ƙarshe da ƙishirwa ba a rasa wanda aka ɗaga wa murya ko aka bari a tsaye.

Na yi shi da baƙin rubutu manya a kan fari, ban ɗora a kan hoton atamfa ba don zanen yana cinye rubutu, mai ƙaramar waya ba zai gani ba. Na kuma yi shi da murya na tura wa guruf ɗin dillalanmu mata, da yawansu sauraro ya fi musu sauƙi. Gobe zan buga a takarda in manna a ƙofa, in an sanar da wata kuma in sake sakawa da sunan ranakun. Wata Hajiya daga Gusau har ta turo kuɗin turmi uku tana cewa a sa mata a motar safe, na rubuta sunanta a leda, sai na kai tasha kafin in wuce kasuwa.