Jika 450 a Tawa ko jika 350 a Yamai: yadda na buga lissafin

Wata ƙungiya ta yi mini tayin aiki a Tawa, jika 450 a wata. Inda nake a nan Yamai, albashina da kuɗin gida jika 350 ne. Duk wanda na gaya wa sai ya ce, "To me kake jira?" Sai dai kwangilar Tawa ta ɗan ƙwadago mai zaman kansa ce: ba CNSS, wato asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa, ba inshorar lafiya, watan da ban yi aiki ba babu ko dala. Shi ya sa na ɗauko takardun albashina na shekara guda, na je wajen akantanmu.

Abin da ya fara sa ni shi ne in raba takarda gida biyu: kuɗin da ke zuwa da sunana, da kuɗin da ake biya a madadina ban taɓa riƙe su ba. Kuma komai a lissafin shekara, don wasu abubuwan sau ɗaya suke zuwa.

Gidan farko bai ba ni wahala ba. Jika 350 sau goma sha biyu, sefa 4,200,000. Kuɗin mai jika 25 a wata, 300,000. Ga jika 100 da ake ba mu lokacin layya. Jimla 4,600,000.

Gida na biyu ne ya buɗe mini ido. A takardar albashi na saba ganin kashi 5.25 cikin ɗari da ake cire mini zuwa CNSS. Wannan ba a ƙara shi a lissafi, domin yana cikin jika 350 ɗin tun farko. Wanda ya ƙara shi ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu. Abin da ake ƙarawa shi ne kason mai gida, kashi 16.40, wanda yake biya daga aljihunsa. A kan albashina ya kama sefa 57,400 kowane wata, wato 688,800 a shekara. Akantan ya ja hankalina cewa akwai iyaka: CNSS ba ta lissafa abin da ya haura jika 500 a wata, don haka mai babban albashi kada ya buga kason a kan kuɗinsa duka. Sai inshorar lafiya ta ni da iyali, mai ɗaukar kashi 80 na kuɗin asibiti da magani. Ya buɗo takardar kamfanin inshorar ya nuna mini layina: jika 480 a shekara.

Na so in sa watan hutu ma, ya riƙe mini biro. "Malam, ai wata goma sha biyu muka ƙirga, hutunka na ciki. Can ɓangaren Tawa za ka cire shi." Haka kuwa aka yi. Kuɗin tafiye-tafiyen aiki ma bai yarda su shiga ba, tunda masauki da abinci ne ke cinye su.

Yamai ta tashi 5,768,800. Tawa, in na huta wata guda kamar kowa, jika 450 sau goma sha ɗaya ne, 4,950,000. Duka biyun kafin haraji.

Amma kada a ruɗu da babbar lambar nan. Tana nuna abin da wurin aiki ke kashewa a kaina ne, ba abin da zan shiga kasuwa da shi ba. A cikin 16.40 ɗin, kashi 6.25 kawai ke tafiya ga fansho. Kashi 8.40 na tallafin iyali ne, 1.75 na hatsarin aiki, kuma abin da ke dawo mini na 'ya'ya bai kusa abin da aka zuba ba. Inshorar kuma darajarta ta danganta ga gidan mutum. Ni mai yara uku da ke jin jiki duk damina in zazzaɓin sauro ya zo, ta biya kanta. Saurayi mai ƙoshin lafiya yana iya rage mata kima, ban ga laifinsa ba. In kuɗin hannu kawai ake dubawa, gaskiya Tawa ce a gaba.

Akwai kuma abin da takardar albashi ba ta iya tabbatarwa: an rubuta kason CNSS, amma an kai kuɗin? Na je ofishinsu da lambata, na nemi bayanin abin da aka zuba mini. Watannina sun cika. Da akwai giɓi, da 688,800 ɗin nan tawada ce kawai, kuma yawanci sai ranar neman fansho mutum ke ganewa.

Da na tashi mayar wa mutanen Tawa amsa, sai na raba 5,768,800 gida goma sha ɗaya, ya ba ni kusan jika 525 a wata. Shi na nema, na kuma aika musu da lissafin. Suka ce iyakarsu jika 480, na yi musu godiya na zauna inda nake.